Wane Ne Ogana Ranar Litinin? Yadda Ake Sanar da Garambawul a Wajen Aiki

Wata Alhamis ce, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, muna haɗa komatsai za mu tashi, sai saƙon imel ya faɗo wa kowa a lokaci guda. A lokacin ina aiki a wani kamfani da ba sai na kama sunansa ba. Kan saƙon kalma biyu ne kacal: "Muhimmiyar Sanarwa". Cikinsa kuwa, wai hukumar gudanarwa ta yanke shawarar yi wa kamfani garambawul domin ƙara inganta aiki, za a haɗe wasu sassa, cikakken bayani yana nan tafe, ana roƙon kowa ya kwantar da hankalinsa.

Na ga abokin teburina ya karanta, ya gangara da yatsa har ƙasa, ya sake hawowa sama, kamar wanda kuɗinsa ya faɗi a kasuwa. Sunansa yake nema. Bai gani ba, bai kuma ga na kowa ba. Ya ɗago ya ce da ni, "Malam, da walakin goro a miya."

Kafin a kira isha'i an turo mini jerin mutum goma sha ɗaya da aka ce za a sallama. Ranar Asabar sun zama talatin, har da ni a ciki. Matar wani abokin aikinmu ta kira mai ɗakina tana jajanta mata. Da Litinin ta yi, gaskiya ta fito: ba wanda aka kora. Sashe biyu aka haɗe, mutum ashirin da wani abu suka samu sabon shugaba, shi ke nan. Sai dai a cikin kwana ukun nan, biyu daga cikin ƙwararrunmu sun riga sun aika takardar neman aiki wani wuri, ɗaya kuma bai yi wata biyu ba ya tafi.

Wanda ya rubuta saƙon nan ba mugu ba ne. Ya ɗauka idan ya rage bayani ya rage tashin hankali. Lissafin ne ya kife masa.

Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Gordon Allport da Leo Postman, sun yi nazarin jita-jitar da ta yi ta yawo a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka fitar da littafi a kanta a 1947. A ciki suka ce ƙarfin jita-jita yana tafiya ne da abu biyu: yadda maganar ta shafi mutum, da yadda take a dunƙule ba a fayyace ba. Suka rubuta shi kamar lissafi, R ~ i × a, wato ba tara su ake yi ba, ninka ɗaya da ɗaya ake yi. Ma'anar haka, idan ɗayansu ya koma sifili, jita-jitar ma ta koma sifili. To, mai kamfani ba shi da ikon rage na farkon. Abincin mutum da kuɗin makarantar 'ya'yansa ake magana, ba za a ce masa kada ya damu ya daina damuwa ba. Na biyun ne ke hannunsa. Duk gurbin da ya bari a saƙonsa, wani zai cike masa shi a majalisar mai shayi, kuma mai cikewa ba ya zaɓen mafi sauƙi, mafi muni yake ɗauka.

Sakin layi na goma sha ɗaya

Duk wanda ya taɓa riƙe Nokia mai tocila ya san kamfanin da zan yi magana a kai. A watan Afrilun 2014 Microsoft ta kammala sayen ɓangaren wayoyin Nokia, ma'aikatansa suka koma ƙarƙashinta. Tsohon shugaban Nokia, Stephen Elop, shi aka ba ragamar sashen na'urori. Ranar 17 ga Yulin shekarar ya aika wa mutanensa imel yana sanar da su sabon fasali: za a haɗe sashen wayoyi masu tsada da na wayoyi masu araha su zama sashe guda, Jo Harlow ce za ta jagorance shi, za a rage aikin injiniyoyi a Oulu ta ƙasar Finland, za a janye a hankali daga masana'antar Komárom ta ƙasar Hungary.

Saƙon ya kai kalma dubu da ɗari ɗaya. Ya buɗe shi da gaisuwar wasa, irin wadda ake jefa wa wanda aka gamu da shi a bakin ƙofa. Daga nan ya shiga zancen dabarun kasuwa, da makomar Windows, da irin wayoyin da za a mayar da hankali a kansu. Sai a sakin layi na goma sha ɗaya mai karatu zai tarar da cewa sabon fasalin zai ci aikin mutum 12,500. Microsoft da kanta ta wallafa saƙon, 'yan jarida kuwa suka yi masa ca, har yau kuma da shi ake misali idan ana koyar da yadda ba a rubuta irin wannan wasiƙa.

Abin lura, Elop bai yi ƙarya ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, adadin ma yana ciki. Laifinsa na jeri ne. Ya jera maganar yadda take a kan shugaba: ga kasuwa, ga dabara, ga tsari, ga abin da zai biyo baya. Ma'aikaci kuwa daga ƙarshe yake farawa. Tambayoyinsa uku ne, kuma har sai an amsa su ba ya jin komai: aikina yana nan? Wa zan riƙa kai wa gaisuwar aiki? Daga yaushe? Injiniyan da ke zaune a Oulu ba karanta sakin layi goma na farko ya yi ba, tsallake su ya yi zuciyarsa na dukan uku-uku. Da ya isa wurin da aka binne adadin, abin da ya koya shi ne shugabansa na iya ɓoye labari a tsakiyar surutu. Daga ranar nan, ko saƙon barka da shekara aka turo masa sai ya duba ƙasansa.

Shugaban Microsoft ɗin, Satya Nadella, ya aika nasa saƙon a wannan ranar, shi kuma bai yi nisa ba ya faɗi adadin: har guraben aiki 18,000 cikin shekara guda. Amma ya ce akasarin waɗanda abin zai shafa za su ji a cikin wata shida. Ka ga inda wata ƙofar ta buɗe. An san yawan, ba a san su wane ne ba, ga wata shida na zaman ɗar-ɗar. Wani lokaci dokar ƙasashe ce ke tilasta jinkirin, domin sai an tuntuɓi wakilan ma'aikata. Duk da haka, duk kwanan da aka ƙara tsakanin "za a yi" da "ga wanda ya shafa", kwana ne da aka ba masu shaci-faɗi kyauta.

A kwatanta da wasiƙar Brian Chesky na kamfanin Airbnb, ranar 5 ga Mayun 2020, lokacin da korona ta tsayar da tafiye-tafiye. Labarinsa ba mai daɗi ba ne, kusan mutum 1,900 cikin 7,500 za su tafi. Sai dai ya gaya wa ma'aikatansa na Amurka da Kanada cewa nan da 'yan sa'o'i wanda zai tafi zai ga gayyatar ganawa da wani babba a sashensa, wanda aikinsa zai sauya zai ga gayyata mai wani kan magana daban, wanda ba abin da ya same shi ba zai ga komai ba. Ko shirun ma an yi masa fassara tun kafin ya zo. Wannan ita ce gwanintar da nake so mai karatu ya ɗauka.

Imel shi ne na ƙarshe

Bari mu sauko daga manyan kamfanoni mu ɗauki misali irin wanda za a iya tararwa a kowane gari. A ɗauka wani kamfanin rarraba kayan masarufi ne mai ma'aikata 140, da babban ofis da rassa uku. A yanzu masu talla sun kasu ne bisa kaya: akwai manajan kayan abinci, akwai manajan sabulu da man shafawa. Sakamakon haka, ɗan kasuwa guda yakan ga wakilan kamfani biyu a mako, mota biyu ta kawo masa kaya, kowace rabin ciki. Shugaba ya yanke shawarar a raba su bisa shiyya, sannan a haɗe sito da sufuri a hannun mutum guda. Ba wanda za a sallama, ba albashin da zai ragu. Mutum 46 ne za su sauya shugaba, 94 suna nan inda suke. Amma akwai mutum ɗaya da kujerarsa za ta ɓace, manajan sufuri, dattijon da ya shekara goma sha biyar a kamfanin, wanda yanzu zai koma kula da sayen motoci da gyaransu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da imel. Ƙa'idar da ba ni da tantama a kanta ita ce, duk wanda aikinsa ko shugabansa zai sauya, kada ya fara ji daga saƙon da aka aika wa kowa da kowa. Baki da baki zai ji, daga wanda yake ƙarƙashinsa yanzu.

Dattijon nan shi ne na farko. Shugaban kamfani da kansa zai zauna da shi kwana ɗaya kafin sanarwa, ƙofa a rufe, ya gaya masa abin da aka yanke da dalili, ya kuma nuna masa ainihin jimlar da za a rubuta a kansa. Idan yana da gyara a lafazi, a karɓa. Mutumin da yaransa na aiki suka karanta sauyinsa a waya kafin shi ya sani, an ci masa fuska a gaban ƙannensa, kuma ba zai ce komai a taro ba. A masallacin ofis zai yi tsaki ɗaya, tsakin nan kuma ya fi imel goma tasiri.

Washegari, Talata misali, da ƙarfe takwas a tara shugabannin sassa a ba su bayani, a kuma miƙa wa kowa takarda guda mai ɗauke da tambayoyin da ake tsammani da amsoshinsu, domin kada na Kaduna ya faɗi wani abu na babban ofis ya faɗi wani. Daga tara da rabi zuwa goma da rabi kowane shugaba ya zauna da mutanensa da ke cikin 46 ɗin. Ƙarfe goma sha ɗaya imel ya fita. Bayan azahar a yi taron kowa da kowa, rassa su shigo ta waya. Tazarar nan ta sa'o'i ce da gangan. Zancen duniya ba ya ɓuya, kuma sirrin da mutum goma suka sani ba ya kwana.

Ranar ma zaɓenta ake yi. Ba yammacin Alhamis ko Juma'a ba, kamar yadda aka yi mana, inda mutane za su tafi gida da tambaya ba mai amsa musu har Litinin. Ba jajibirin sallah ba. Ba kuma ranar da shugaban zai tura saƙo ya hau jirgi ba. Wanda ya sa hannu a wasiƙa ya kamata a gan shi yana zagaya ofis a ranar.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa. Inda na rubuta muƙami, a na gaske cikakken suna za a sa.

> Kan magana: Sabon tsarin sassan talla, sito da sufuri daga 1 ga watan gobe: ba a rage ma'aikata
>
> Assalamu alaikum.
>
> Daga 1 ga watan gobe za mu sauya tsarin sassa uku: talla, sito da sufuri. Wannan sauyi bai ƙunshi sallamar kowa ba, kuma ba wanda albashinsa, matakinsa ko garin da yake aiki zai canja.
>
> Mutum 46 ne za su samu sabon shugaba, kuma an riga an yi magana da kowannensu yau da safe. Idan ba a yi magana da kai ba, shugabanka da aikinka suna nan yadda suke.
>
> Masu talla za su kasu bisa shiyya maimakon bisa kaya. Manajan kayan abinci zai riƙe shiyyar gabas, manajan sabulu da man shafawa zai riƙe shiyyar yamma. Sito da sufuri za su zama sashe guda a hannun manajan sito. Manajan sufuri zai karɓi aikin sayen motoci da kula da gyaransu, kuma kai tsaye zai riƙa aiki da ni. Jadawalin sunaye yana haɗe da wannan saƙo.
>
> Dalili shi ne, a yanzu mota biyu ke kai wa abokin ciniki guda kaya a mako, kowace ba ta cika ba. Muna so wakili guda da mota guda su riƙa yi masa hidima.
>
> Har zuwa ƙarshen wannan wata, neman hutu da kuɗin mai da kuɗin tafiya duk suna hannun shugabanka na yanzu. Daga 1 ga wata su koma hannun sabon. Hutun da aka riga aka amince da shi yana nan. Rahoton ƙwazo na bana, tsohon shugaba da sabon ne za su rubuta tare.
>
> Abu ɗaya ba mu gama ba: yadda za a lissafa ladan ciniki a sabon tsari. Za ku ji matsaya ranar 20 ga wannan wata. Kafin nan, lissafin da kuka sani shi ke aiki.
>
> Za mu haɗu yau ƙarfe biyu da rabi a ɗakin taro, rassa kuma ta waya. Wanda ba ya son yin tambaya a bainar jama'a ya rubuta ya jefa a akwatin da ke ofishin kula da ma'aikata, za mu amsa duka a rubuce ranar Juma'a.

Bai kai kalma ɗari uku da hamsin ba, kuma wanda ya karanta kan maganar kawai ya riga ya samu amsar da ta fi damunsa.

Jimlar da ta fi kowace aiki a ciki ita ce wadda ta ce idan ba a yi magana da kai ba, ba abin da ya same ka. Ita ce ta sallami mutum 94 su koma bakin aikinsu. Sai dai ba a rubuta ta sai an tabbatar an ga dukkan 46 ɗin, har da wanda ke hutu da wadda ke jego. Idan aka manta mutum ɗaya, ya ga sunansa a jadawali bayan an ce an gama magana da kowa, wasiƙar gaba ɗaya ta zama abin zargi.

Sai sakin layin hutu da kuɗin mai, wanda manya ke gani kamar ƙaramar magana ce da ba ta kai a sa ta a wasiƙar shugaba ba. Ni kuwa a ganina nan ne ainihin ma'anar "wane yana ƙarƙashin wane". A takarda, layi ne da aka ja daga akwati zuwa akwati. A wurin ma'aikaci, abu uku ne: wa ke ba ni aiki, wa ke sa mini hannu, wa ke rubuta rahoton da ƙarin girmana ya dogara a kai. Akwai wanda tsohon ogansa ya yi masa alkawarin hutun aure a watan jibi, da baki kawai. Akwai wadda aka ce bana za a duba matakinta. Su ne waɗanda ba sa barci idan aka ce an sauya shugaba, kuma ba kora suke tsoro ba. Tsoronsu alkawari ya bi wanda ya ɗauke shi. Idan kuma tsarin ya sa mutum zai riƙa aiki da shugabanni biyu, kamar akawun reshe da ke tsakanin manajan reshe da babban akanta, to a faɗi wanda maganarsa ce ta ƙarshe idan sun saɓa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, idan ba a faɗa ba kuwa, akawun ne zai sha matsa a tsakaninsu.

A lura kuma da yadda aka ambaci dattijon. An faɗi abin da zai karɓa, ba a ce an cire shi ba, ba a kuma yi masa kirarin da zai sa a ɗauka bankwana ake yi da shi ba. Yabon da ya wuce kima a irin wannan wasiƙa, mutane sun san jana'izar muƙami ce.

Alkawarin da ba a ɗauka

Misalin nan nawa mai sauƙi ne, tunda ba kora a ciki. To idan akwai fa, ko kuma ba a gama yanke shawara ba?

A nan ne shugabanni ke jefa kansu cikin rami don neman a zauna lafiya na kwana biyu. Sai a rubuta "babu wanda zai rasa aikinsa", alhali an san bayan wata uku za a sake duba lamarin. Magana zarar bunu ce. Ranar da aka sallami mutum na farko, duk wata wasiƙa da shugaban zai rubuta nan gaba ta mutu tun ba a buɗe ta ba. Haka nan 'yan kalmomin zamewa irin su "a halin yanzu" da "zuwa yanzu". Mai rubutu yana ganin ya kare kansa, mai karatu kuwa su kaɗai yake gani a shafin. Gara a fito fili: "Haɗe sassan nan zai sa wasu guraben su yi yawa. Muna tsammanin ba za su wuce takwas ba, dukkansu a sashen sito. Za mu gaya wa kowa matsayinsa kafin 15 ga wata." Labari ne mai ɗaci, amma yana da iyaka: adadi, wuri, rana. Mutum 132 sun san ba da su ake ba, ko aƙalla duk wanda ba ya sito ya sani. Ranar da aka sa kuma a cika ta, ko da abin da za a faɗa shi ne ba a gama ba, ga dalili, ga sabuwar rana.

Idan maganar ta kai ga rage ma'aikata, ta fita daga hannun mai iya rubutu kaɗai. A Najeriya, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da girmansa, ya bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya tare da la'akari da ƙwarewa da cancanta, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta kuɗin sallama. Sashe na 7 kuma ya ce idan sharuɗɗan aikin ma'aikaci suka sauya, a sanar da shi a rubuce cikin wata guda. Dokar ba ta rufe manajoji da ƙwararru masu aikin gudanarwa ba, su takardar yarjejeniyar aikinsu ake dubawa. Ko ta yaya, imel ɗin kowa da kowa ba ya maye gurbin wasiƙar da za a ba mutum da sunansa, kuma shugaban ƙungiya bai kamata ya fara ji daga mambobinsa ba.

Wani abu da na ga ana mantawa: a kamfani irin na misalinmu, direbobi da masu lodi da masu gadi ba su da adireshin imel na ofis. Su ne kuma suka fi kowa yawo, yau suna wannan reshe gobe suna wancan. Idan aka bar su da ƙishin-ƙishin, su za su kai wa kowane reshe nasu fassarar, har da 'yan kasuwar da suke sauke wa kaya. A buga takardar a manna a ƙofar sito, a tara su a karanta musu da harshen da suke ji, a sa'a guda da fitar imel. Kuma a rubuta saƙon da sanin cewa cikin minti biyar wani zai ɗauki hotonsa ya tura WhatsApp. Duk jimlar da ba za ka so abokin cinikinka ko ɗan jarida ya gani ba, kamar ɗora wa wani sashe laifi, ba ta da wuri a ciki. A tura shi ta yadda ba za a iya danna Reply All ba, domin amsa ɗaya mai zafi da ta je wa mutum 140 ta isa ta rusa aikin safiya.

Imel ɗaya dai ba ya gama aiki. A 1991 wasu masana biyu, David Schweiger da Angelo DeNisi, sun wallafa binciken da suka yi a masana'antu biyu na wani kamfani da ke shirin haɗewa da wani. Ma'aikatan ɗaya wasiƙar shugaba kawai suka samu. Na ɗayar kuma aka riƙa ba su bayani a kai a kai, ta takardar labarai, da layin waya na tambaya, da zama da shugabanni kowane mako. Da farko hankalin duka biyun ya tashi. Bayan nan, a inda ake bayani abin ya tsaya bai ƙara ta'azzara ba, a inda aka yi shiru kuwa damuwa ta ci gaba da hawa, yarda da kamfani tana sauka. Ba a ce bayani ya hana fargaba ba. Hana ta girma ya yi.

Ta yaya za ka gane saƙonka bai yi aiki ba? Ba daga hayaniya ba. Taron da aka yi ta tambayoyi masu zafi, alama ce mai kyau. Wanda ya kamata ya tsorata ka shi ne taron da ka ce "akwai mai tambaya?" kowa ya sunkuyar da kai, sannan da ka fita aka kasu gungu-gungu a bakin ƙofa. Sauran alamun su ne tambaya guda ta riƙa dawowa daga wurare daban-daban, mutane su fara zuwa neman takardar shaidar aiki ko tambayar lissafin kuɗin fanshonsu, ko takardu su taru a tebur saboda tsohon shugaba ya ce ba nasa ba ne yanzu, sabon ya ce bai karɓa ba tukuna. Idan jita-jita ta riga ta fito, kada a ce "ku yi watsi da raɗe-raɗin da ake yaɗawa", domin wanda bai ji ba ma sai ya tashi nema. A kama ta da sunanta: an ce za a rufe reshen Sakkwato, ba gaskiya ba ne, mun sabunta hayar ginin. Idan kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, a faɗi iyakar gaskiyar.

Kai da aka ɗora wa rubuta irin wannan wasiƙa, kafin ka tura ta, ka ba wani amintacce da bai san komai a kan shirin ba ya karanta na minti ɗaya, ka karɓe takardar, ka tambaye shi: aikinka yana nan? Wane ne oganka? Daga yaushe? Idan ya yi inda-inda a ko ɗaya, koma ka sake rubutu.